Yadda Ake Lissafin Lokacin Tafiyar Hawan Dutse Kafin A Bar Gida

Masu shirin zuwa yawon duwatsu sun yi ta maimaita mini tambaya ɗaya: hanya kilomita kaza ce, awa nawa za mu yi? Nisa kaɗai ba ya amsa wannan tambaya. Abu uku ake haɗawa: nisan hanyar, yawan hawan da ke cikinta, da gajiyar da ke sa awa ta shida ta fi awa ta farko tsada. Biyun farko suna da sauƙi, yaro ɗan sakandare zai lissafa su. Na ukun shi ne ke sa dare ya riski mutane a kan dutse, don haka a kansa zan fi daɗewa.

Za mu bi misali ɗaya daga farko har ƙarshe: tafiyar yini guda a duwatsun Shere da ke gabashin Jos, waɗanda ƙololuwarsu ta kai kimanin mita 1,829 daga matakin teku. Tsawon hanyar da rabe-rabenta ni na ƙaddara su domin lissafi, tun da hanyoyin hawa suna da yawa. Kai sai ka auna taka hanyar ka sa lambobinka a gurbin nawa.

1. Haɗa kayan lissafi

Takarda da biro, agogo, da waya mai taswirar da ke nuna tudu da kwari. Manhajar Organic Maps kyauta ce, tana aiki ba tare da intanet ba idan ka sauke taswirar yankin tun kana gari, kuma tana nuna layukan tudu, wato layukan da kowannensu ke bin wuraren da tsayinsu ɗaya ne. Google Maps ma yana nuna su idan ka kunna Terrain. Mai kwamfuta zai iya zana hanyar a Google Earth Pro, ya danna mata dama ya zaɓi Show Elevation Profile, sai ta fito masa da hawa da saukar hanyar baki ɗaya. Kuɗin da lissafin zai ci bai wuce na data ba. Inda kuɗi ke shiga shi ne ɗan jagora daga ƙauyen da ke gindin dutsen, kuma ya cancanci abin da za ku daidaita, domin shi ya san inda hanyar da ke kan taswira ta mutu.

Hattara: ka kwafe lissafin a takarda ka sa a aljihu. Waya tana cin batir sosai idan tana neman sabis a bayan dutse, kuma lokacin da za ka fi buƙatar lambobin shi ne da yamma, lokacin da ta fi kusa da mutuwa.

2. Auna nisan da ƙafa za ta taka

Bi hanyar lanƙwasa bayan lanƙwasa, kada ka ja layi miƙaƙƙe daga mota zuwa ƙololuwa. Hanyar dutse tana kewaye falalen duwatsu, tana karkacewa hagu da dama a wurin hawa, kuma taswira ba ta nuna duk waɗannan ƙananan kwanoni. Idan da hannu ka zana hanyar, ƙara kashi ɗaya cikin goma a kan abin da ka samu.

Daga nan ka yanka hanyar zango-zango, kowane zango ya ƙare a wurin da ido zai gane: rafi, ƙarshen gonaki, gindin dutse, wani babban fa. Wannan yankan zai yi maka aiki sau biyu, yanzu wajen lissafi, da kuma ranar tafiya wajen duba ko kana kan lokaci.

A misalinmu an ajiye mota a wuri mai tsayin mita 1,250. Zango na farko kilomita 4 ne a kan hanyar gona mai kyau har gindin dutse. Na biyu kilomita 4 ne a cikin ciyawa da duwatsu har sama. Zuwa kilomita 8, dawowa ta hanyar da aka bi kilomita 8, jimla 16.

Hattara: idan mutumin ƙauye ya ce maka “nan kusa ne, awa ɗaya,” gaskiya ya faɗa, amma da ƙafarsa ya auna. Shi kullum yana hawa, ba jaka a bayansa, ba ya tsayawa ɗaukar hoto. Ka tambaye shi hanya da wuraren ruwa, lokaci kuwa ka lissafa da kanka.

3. Tara hawan duka

A nan ne kuskure na farko mai girma yake. Mutum zai ɗauki tsayin ƙololuwa ya cire tsayin wurin tashi, 1,830 a cire 1,250, ya ce hawan mita 580 ne. Wannan zai yi daidai ne kawai idan hanyar ba ta taɓa gangarawa ba. Duk mitar da ka sauka a tsakiyar hanya sai ka sake hawanta.

A ce a zango na biyu akwai kwari mai zurfin mita 120 da dole a shiga a fita. Hawan zuwa ya koma mita 700 ke nan: 100 a zango na farko, 600 a na biyu. Kuma kwarin nan yana nan yana jiranka a dawowa, inda za ka sake hawa mita 120 da ƙafafun da suka riga suka gaji. Hawan yinin gaba ɗaya mita 820, ba 580 ba.

Idan da layukan tudu kake aiki, duba tazarar da ke tsakanin layi da layi, mita 10 ce ko 20 ko 50, sannan ka ƙirga layukan da hanyar ta ratsa tana hawa. Waɗanda ta ratsa tana sauka ka ƙirga su daban, za mu buƙace su a mataki na 5.

Hattara: idan wani ya turo maka hanyar da wayarsa ta naɗa lokacin da ya bi ta, kada ka yarda da jimlar hawan da ta nuna ido rufe. Na'urar waya tana yawan tsalle sama da ƙasa ko da mutum a tsaye yake, sai ta tara waɗannan tsalle-tsalle ta kira su hawa. Gwada lambar da layukan taswira.

4. Yi lissafin tushe

Ƙa'idar da aka fi amfani da ita ta William Naismith ce, wani mai hawan duwatsu ɗan Sukotland da ya fitar da ita a 1892: awa ɗaya ga kowane kilomita 5, a ƙara awa ɗaya ga kowace mita 600 ta hawa. A mintuna ta fi sauƙin riƙewa, minti 12 ga kowane kilomita, minti 1 ga kowace mita 10 ta hawa.

```
minti = (kilomita × 12) + (mitar hawa ÷ 10)
```

Kilomita 16 sau 12 ya ba da minti 192. Mita 820 ta ba da minti 82. Jimla minti 274, wato awa 4 da minti 34. Wanda ya duba nisa kaɗai da ya ce awa 3 da minti 12, ka ga tun yanzu ya yi asarar kusan awa ɗaya da rabi.

Ka san abin da wannan lamba take nufi. Lokacin mutum mai ƙarfi ne, a hanya mai kyau, cikin yanayi mai daɗi, ba kaya mai nauyi, ba hutu, kuma da zaton cewa saurinsa na safe shi ne saurinsa na yamma. Ita ce mafi ƙarancin lokacin da tafiyar za ta ci. Kada ka faɗa wa mutanen gida ita a matsayin lokacin dawowarka.

5. Gyara don yanayin ƙasa da gangara

Kilomita 5 a awa gudun hanya mai kyau ne. Inda babu hanya sosai, a ciyawa ko tsakanin duwatsu, mayar da shi kilomita 4 a awa, wato minti 15 ga kowane kilomita. A misalinmu kilomita 8 ne irin wannan, huɗu zuwa huɗu dawowa, kowanne da ƙarin minti 3, jimla minti 24. A ƙarshen damina, lokacin da ciyawa ta kai ƙirji kuma ba ka ganin inda kake sa ƙafa, ko a wurin da sai an dafa duwatsu da hannu, ka sa minti 20 ko ma fiye.

Sai maganar sauka. Naismith bai ba ta lokaci na musamman ba, sai daga baya wani mai hawan duwatsu, Eric Langmuir, ya kawo gyara: idan gangarar mai laushi ce, tsakanin digiri 5 da 12, a rage minti 10 ga kowace mita 300 ta sauka, idan ta wuce digiri 12, a ƙara minti 10. Ba sai ka nemi abin auna kusurwa ba. Digiri 12 shi ne kusan sauka mita 1 a duk mita 5 da ka yi gaba, wato kimanin mita 200 a cikin kilomita ɗaya. Inda layukan tudu suka matsu fiye da haka, gangarar mai tsanani ce.

A ce mita 400 daga saukar dawowarmu irin mai tsananin ce. Ƙarinta minti 13. Ragin gangara mai laushi kuwa ni ba na ɗaukarsa, domin a tafiyar zuwa da dawowa tana zuwa ne a ƙarshen yini, lokacin da babu mai ƙarfin cin moriyarta.

Yanzu ga yadda lissafin ya rabu. Zuwa: minti 48 da minti 60 na nisa, da minti 70 na hawa, 178, kusan awa 3. Dawowa: minti 108 na nisa, 12 na hawan kwarin, 13 na gangara, 133, wato awa 2 da minti 13. Jimla minti 311, awa 5 da minti 11.

Hattara: dutsen Shere irin mai santsi ne idan ya jiƙe. Falalen da ka haye a guje da rani, bayan ruwan sama sai ka sauko shi da zama. Idan da damina za ku je, ninka ƙarin gangarar, kuma ku shirya saukowa daga sama kafin hadarin yamma ya haɗu.

6. Gano layinka na ƙarfi

Domin gajiya akwai jadawalin da ake kira gyaran Tranter. Yana raba mutane gwargwadon mintunan da suke ɗauka su hau mita 300 a cikin tazarar mita 800, da saurin da suka saba, ba da tsere ba. Mai yi a minti 15 ƙaƙƙarfa ne ƙwarai, mai minti 50 ba shi da horo. Ga layuka huɗu da suka fi shafar yawancinmu. Lambobin sama awannin lissafin tushe ne, na gefen hagu mintunan wancan hawan, sauran kuma awannin da tafiyar za ta ci a zahiri, inda 1.25 ke nufin awa ɗaya da kwata:

```
tushe:   2     3     4     5     6     7     8
20:      1.25  2.25  3.25  4.5   5.5   6.5   7.75
25:      1.5   3     4.25  5.5   7     8.5   10
30:      2     3.5   5     6.75  8.5   10.5  12.5
40:      2.75  4.25  5.75  7.5   9.5   11.5
```

Mazaunin Kano ko Maradi ba zai samu tudun mita 300 a bayan gidansa ba. Idan akwai dutse mai tsayin mita 100 da ya miƙe sosai kusa da ku, hau shi da agogo, ka ninka lokacin sau uku, ka ƙara 'yan mintuna don kashi na uku ba ya zuwa da sauƙin na farko. Idan babu, ka sa kanka a layin 30 matuƙar kana tafiyar ƙafa a kai a kai. Mai aikin zama wanda daga mota sai ofis ya fara da layin 40, babu abin kunya a ciki.

Ana sauka layi ɗaya ƙasa idan jakar ta kai nauyin kilo 20, ko yanayi ya yi tsanani. Asalin jadawalin iska da sanyin ƙasar Birtaniya ya sa a gaba, mu kuwa zafi ne namu. Tafiyar da za ta ratsa tsakar rana a watan Maris ko Afrilu ta cancanci saukar layi ɗaya ko a kan tudun Jos ne. Mai azumi kuma ya ajiye tafiya mai tsawon wannan sai bayan salla.

Hattara: layin rukuni shi ne layin wanda ya fi kowa jinkiri a cikinku. Ba a ɗaukar matsakaici. Mutum biyar na layin 25 da mutum ɗaya na layin 40, rukunin na layin 40 ne, sai dai idan kuna da niyyar barinsa a baya. Kuma kada ka hukunta hanya sau biyu: idan ka riga ka ƙara mintuna don rashin kyan ƙasa a mataki na 5, kada ka sake sauka layi saboda dalilin nan.

7. Karanta abin da gajiya za ta ci

Dubi layin 30 da kyau, ka bi shi awa bayan awa. Awa biyun farko na takarda awa biyu suke ci, babu ƙari. Ta uku tana cin awa ɗaya da rabi, ta huɗu ma haka. Ta biyar da ta shida kowace awa ɗaya da minti 45. Ta bakwai da ta takwas kowace awa biyu cur. Wato aikin da ka yi cikin minti 60 da safe, da la'asar minti 120 zai ci, mutum ɗaya, ƙafa ɗaya. Layin 40 kuma bai kai awa 8 ba ma, jadawalin ya tsaya ne don tafiyar ta wuce abin da ya kamata mai wannan ƙarfin ya gwada a yini ɗaya.

Mu kai misalinmu layin 30. Awa 5 ta zama 6 da minti 45. Ragowar minti 11 sun faɗa cikin awa ta shida, inda kowane minti ke cin kusan biyu, sai su zama kimanin 20. Tafiyar duka awa 7 da minti 5.

Abin da ya fi wannan jimla amfani shi ne rabonta. Zuwa awa 3 ne a takarda, jadawali ya mayar da shi awa 3 da rabi. Cire wannan daga jimla, dawowa ta rage da awa 3 da minti 35. A takarda dawowar ta gaza zuwan da minti 45, amma a ƙafa sun zo daidai, har dawowar ta ɗan ɗara. Duk wanda ya tsaya a ƙololuwa yana cewa “ai saura gangara, awa biyu mun isa,” ga inda lissafinsa ya karye.

Dalilan wannan jinkiri sanannu ne, kuma sanin su yana nuna abin da za a iya ragewa. Jiki yana ajiye sukari a tsoka da hanta, hawa mai ƙarfi yana cin wannan ajiya cikin 'yan awanni, bayan nan sai jiki ya koma dogaro da kitse, wanda ba ya ba da ƙarfi da sauri. Shi ya sa wanda ya fita da shayi kaɗai yake jin ƙafafunsa sun mutu wajen azahar. Gumi yana rage ruwan jiki, zuciya ta ƙara bugu domin aikin da ɗazu take yi cikin sauƙi. Da hunturu wannan ya fi yaudara, don iska busasshiya tana shanye gumin kafin ka gan shi, sanyi kuma yana ɓoye ƙishirwa.

Sauka tana da tata wahalar daban. A kowane taku tsokar gaban cinya ce ke riƙe nauyin jiki kada ya faɗi, tana aiki tana miƙewa a lokaci guda, kuma irin wannan aiki ya fi hawa gajiyar da tsoka ko da numfashi bai nuna ba. Idan cinya ta fara rawa, taku yana gajarta, mutum yana tsayawa ya zaɓi inda zai sa ƙafa a wurin da da safe ya wuce ba tare da ya duba ba. Ga yatsu suna dukan gaban takalmi, ga bororo a diddige. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke tsayar da mutum, amma kowanne yana satar 'yan daƙiƙu a kowane taku, kuma kilomita ɗaya taku ne fiye da dubu.

Abin da ke hannunka shi ne ci da sha kafin jiki ya nema. Ɗan dabino, gyaɗa, ƙuli-ƙuli ko biredi kowace awa ya fi babban abinci sau ɗaya a sama. Ruwa kuma ka yi lissafin rabin lita a awa, leda ɗaya ta fiya wata ke nan, fiye da haka idan da zafi. Tafiyar awa 8 lita 4 ce, kuma kowace lita kilo ɗaya ce a bayanka, don haka ka sa nauyinta cikin lissafin jaka. Wannan yana rage jinkirin, ba ya kawar da shi.

8. Ƙara lokutan tsayawa da rarar lokaci

Ɗan tsayawar shan iska na minti ɗaya ko biyu ba na ƙirga shi daban bayan na bi jadawalin. Amma duk zaman da za a sauke jaka sai an rubuta shi. A misalinmu: minti 15 a gindin dutse, minti 40 a sama don abinci da hotuna, minti 20 don alwala da sallar azahar a hanyar dawowa. Awa 1 da minti 15. Jimla ta koma awa 8 da minti 20.

Rukuni yana tsawaita kowane zama. Hutun minti 10 na mutum takwas ba ya ƙarewa a minti 10, domin sai an tashi wani zai tuna igiyar takalminsa. Idan kun wuce mutum shida, ƙara rabin awa.

A kan wannan duka ka ajiye awa ɗaya da ba ta da aiki. Ita ce ta ɓatan hanya, ta targaɗe, ta hazon da ya rufe alamar da kuke nema. Awa 9 da minti 20 ke nan tsakanin barin mota da lokacin da dole a ce an dawo. Ka tuna daga awa 3 da minti 12 muka faro.

9. Ƙirgo baya daga magariba

Lokacin tashi ba a zaɓarsa da jin daɗi, daga faɗuwar rana ake ƙirgo shi. A Jos cikin Disamba rana tana faɗuwa jim kaɗan bayan ƙarfe 6, kuma a yankinmu duhu ba ya jira, cikin abin da bai kai rabin awa ba ya rufe. Sa ƙarfe 5:30 a matsayin iyakar isa mota. Cire awa 9 da minti 20, ka samu 8:10 na safe. Wannan shi ne lokaci na ƙarshe da za a iya fara takawa, ba lokacin barin masauki ba.

Gara a fara ƙarfe 7:00. Idan komai ya tafi daidai, kuna sama 10:45, ku taso 11:25, ku isa mota 3:20, kuma mafi yawan hawan an yi shi kafin rana ta yi zafi.

Sai lamba mafi muhimmanci a takardar: lokacin juyawa. Daga 5:30 cire awa 3 da minti 35 na dawowa da minti 20 na salla, ya ba da 1:35. Amma rukunin da bai kai sama ba har wannan lokaci ya riga ya nuna cewa ya fi lissafi jinkiri, dawowarsa ma za ta fi tsawo. Don haka ja shi baya zuwa ƙarfe 1:00. Ƙarfe ɗaya ta yi, a juya, ko ana hango ƙololuwa.

Hattara: ku amince da wannan lokaci tun a gindin dutse, kowa ya ji da kunnensa. A sama ba a cin gardamar “saura kaɗan,” domin mai faɗinta yawanci shi ne mai sauran ƙarfi, wanda ya gaji kuma kunya ba za ta bar shi ya yi magana ba. Kowa ya riƙe tocila tasa ko da lissafi ya ce da rana za a dawo, kuma a bar wa wani a gari sunan hanyar da lokacin da zai fara nema idan bai ji daga gare ku ba.

10. Gwada lissafin a zango na farko

Zango na farko shi ne ma'aunin gaskiya. A takarda kilomita 4 da hawan mita 100 minti 58 ne. Duba agogo a gindin dutse. Idan kun yi shi a kusan awa ɗaya, layin 30 da kuka zaɓa daidai ne. Idan minti 45 ne, kuna kusa da layin 25. Idan ya kai minti 80, ku 'yan layin 40 ne, tafiyar za ta doshi awa 8 ban da hutu, kuma a nan ne ya kamata a yanke shawarar ko a rage zaman sama ko a sauya ƙololuwar da wata mafi kusa.

Idan sakamakon ya nuna jinkiri, ka yarda da shi nan take. Idan ya nuna sauri, kada ka yi saurin hawa layi na sama, don mutane suna fita da zumuɗi, kuma hanyar gona ba ta gwada ƙarfin hawa. Jira zango na biyu ya tabbatar. Saurin da za a iya riƙewa yini guda shi ne wanda mutum zai iya hira a cikinsa ba tare da numfashi ya yanke masa magana ba.

Daga tsakar rana ka riƙa duba mutane kamar yadda kake duba agogo. Mai surutu ya yi shiru, tazara ta buɗe tsakanin na gaba da na baya, ana yawan tuntuɓe a wuri mai sauƙi, ana neman hutu kafin rabin awa ta cika, wani ya daina cin abin da aka miƙa masa. Idan biyu daga cikin waɗannan suka bayyana, ɗauki lokacin takarda na zangon da ya rage ka ninka shi biyu, ka mayar da mai jinkirin gaba domin shi ya tsara saurin. Wanda ya fara jiri, ciwon kai mai tsanani ko rikicewar magana cikin zafi kuwa, maganarsa ta wuce lissafi: inuwa, ruwa, a jiƙa masa jiki, a nemi hanyar sauko da shi.

11. Inda wannan lissafi ya tsaya

An yi shi ne domin tafiyar yini ɗaya a tsayin da iska ba ta yi ƙaranci ba. Ya dace da Shere, kuma za a iya amfani da shi zango-zango a tafiyar Chappal Waddi da ke iyakar Najeriya da Kamaru, mai tsayin mita 2,419, ko duwatsun Bagzan na yankin Agadas. Sai dai a tafiyar kwanaki ba a farawa kowace safiya da sabon jiki, don haka daga rana ta biyu ka sauka layi ɗaya. A Dutsen Kamaru, wanda ya haura mita 4,000, ƙarancin iska yana rage saurin hawa ta yadda minti 1 ga mita 10 ba zai yi aiki a sashen sama ba, sai a bi lokutan da jagororin garin Buea da ke gindin dutsen suka saba da su.

Bayan kowace tafiya ka rubuta lokacin da kowane zango ya ci a gefen abin da ka lissafa, tare da nauyin jaka, yanayin rana da yawan mutanen. Bayan tafiya uku ko huɗu za ka ga a wace awa saurinka ke fara faɗuwa da kuma nawa gangara ke ci maka, sai ka riƙa gyara layinka da waɗannan lambobin a tafiya ta gaba.